Mai Baƙar Hula a Ɗakin da Ƙasa Ke Gudu

Na gano shi! Wallahi na gano shi, kuma har yanzu da nake wannan rubutu zuciyata ba ta daina bugawa ba. Shekara kusan talatin ke nan yayana yana ba mu labarin wani mawaƙi da ya taɓa gani a kaset, mawaƙin da ba mu san sunansa ba, ba mu san ƙasarsa ba, ba mu riƙe ko kalma ɗaya daga waƙarsa ba. Abin da ya rage a kan Yaya kawai shi ne ɗaki, da hula, da wata irin rawa. Daren jiya, wajen ƙarfe ɗaya saura, sai ga mutumin a fuskar wayata, da hularsa da komai nasa, kamar jiya aka rabu.

Bari in faro daga kaset ɗin, don shi ne tushen komai. Muna zaune a Zariya lokacin, kuma wani maƙwabcinmu mai setilayit ya ɗauki wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta, ranar 3 ga Agusta 1996, wasan da Najeriya ta ci Ajantina uku da biyu. Kaset ne mai cin awa uku, wasan kuma bai cinye shi ba. Bayan wasu watanni maƙwabcin ya cike ragowar da waƙoƙin da ya riƙa ɗauka daga wata tashar waje. Ta ƙarshe a cikinsu ba ta da kai ba ta da ƙafa. Irin waɗannan tashoshi sukan rubuta sunan mawaƙi da na waƙa a ƙasan allo daga gefen hagu, a farko da kuma ƙarshe. To, shi maƙwabcin namu bai danna maɓallin ɗauka ba sai da rubutun farko ya wuce, kaset kuma ya ƙare kafin na ƙarshe ya fito. Haka muka yi ta kallon mutumin da ba shi da suna, har kaset ɗin ya ɓace lokacin da muka tashi daga gidan, gab da gasar kofin duniya ta Faransa a 1998.

Ni ina ƙarami sosai a lokacin, ban riƙe komai ba. Yaya ne ya riƙe, kuma duk sallah sai ya tayar da zancen. Wannan karon da ya sake farawa, sai na ɗauko takarda da biro na ce, “Yaya, yau ba za ka tashi daga nan ba sai ka zayyana mini shi daga hula har takalmi.”

Ya gyara zama ya ce, “Ɗaki ne fari fes, ba taga, ba hoto, ba komai. Mutum ɗaya ne a ciki, siriri, da baƙar riga da wata ƙatuwar baƙar hula. Ƙasan ɗakin tana gudu da shi, ta kai shi can ta dawo da shi nan. Kujerun kushin suna tafiya da kansu, suna nufo shi yana gocewa. Ba'amurke ne, kuma ni dai ina jin Michael Jackson ne, ko wani ɗan gidansu.”

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba a duk shekarun nan, kuma shi ne ya buɗe ƙofar. Na ja layi a tsakiyar takardar. Gefe ɗaya na rubuta abin da idon Yaya ya gani: farin ɗaki, mutum ɗaya, baƙar hula, kujeru masu tafiya. Ɗaya gefen na rubuta abin da zuciyarsa ta yanke masa: Ba'amurke ne, Michael Jackson ne. Ai babu wanda ke ganin ƙasar mutum a jikin allo. Yaya ya ji Turanci, ya ji murya mai zaƙi irin ta baƙaƙen mawaƙan Amurka, ya ga mutum yana zamewa a ƙasa, sai hankalinsa ya haɗa masa lissafi, lissafin kuma ya daskare ya koma kamar abin da ya gani da ido. Duk lokacin da na taɓa gwada nema a intanet a baya, da sunan Michael Jackson nake farawa, shi ya sa kullum shi ake jero mini. Wanda ya tambayi hanyar Kano ai ba za a nuna masa ta Sakkwato ba.

Amma ban yar da sunan haka kawai ba, sai da na auna shi. Na ce, “Yaya, hular nan, malafa ce ƙarama mai baki, irin wadda ake karkatawa a goshi?” Ya girgiza kai da ƙarfi. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama da kansa ya ce doguwa ce, mai kauri, mai gashi-gashi, kamar an kifa masa tukunya. Na tambaye shi safar hannu guda ɗaya mai walƙiya, ya ce babu. Na tambaye shi farar safar ƙafa da baƙin takalmi sau-ciki, ya ce a'a, kambas ne. Waɗannan su ne alamomin da duniya ta san Michael Jackson da su tun rawar da ya taka a bikin cikar kamfanin Motown shekara 25, a 1983, kuma ko ɗaya ba ta fito a bakin Yaya ba. Akwai dai bidiyonsa ɗaya mai fararen ɗakuna, wato “Scream” na 1995, amma wannan a cikin kumbon sama jannati aka shirya shi, hoton baƙi da fari ne, kuma shi da ƙanwarsa Janet ne a ciki. Yaya ya rantse nasa mai launi ne, kuma ba mace.

Sai na zo kan rawar, kuma a nan ne gashin jikina ya fara tashi. Na ce kada ya faɗa mini da baki, ya tashi ya gwada. Ya miƙe a tsakiyar falo, ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya, ya buɗe hannuwa, ya tsaya cak. Na ce, “To, yi rawar mana.” Ya ce, “Ai ita ke nan! Wani lokaci haka yake tsayawa, ƙafarsa ko motsi ba ta yi, amma sai ka ga ya taho gabanka sululu.”

Wannan magana ita ta sallami Michael Jackson gaba ɗaya. Rawarsa ta zamewa baya, wadda ake kira munwok, aikin ƙafa ce tsantsa. Mai yin ta yakan ɗora nauyinsa a kan yatsun ƙafa ɗaya, dunduniya a sama, ya ja ɗaya ƙafar baya a shimfiɗe, sannan ya sauya, wadda ta shimfiɗe ta ɗaga, wadda ta ɗaga ta shimfiɗe. Ƙafafu ba sa hutawa ko na ƙiftawar ido. Mutumin da ya zame ƙafafunsa a haɗe ba munwok yake yi ba, wani abu ne dabam ke ɗauke da shi. Da na tsaya a kan kalmar “zamewa” da Yaya ya saba faɗa, da har yau ina wurin da nake. Baki yakan taƙaita rawa a kalma ɗaya, amma jiki yakan tuna yadda take.

Daga nan na kira Yaya babba, wato yayarmu mace da ke aure a Kaduna, kuma da gangan ban karanta mata abin da na rubuta ba. Na san in ta ji bayanin Yaya za ta ce haka ne, haka ne, in rasa gane wanne ne nata wanne ne nasa. Na ce kawai, “Anti, kin tuna waƙar ƙarshe a kaset ɗin ƙwallon nan? Me kika gani a ciki?” Ta yi shiru, sannan ta ce, “Wannan mai kyankyason? Ai ni ban son ta. Akwai kyankyaso yana bin ƙasa, akwai wani tsuntsu kamar hankaka, amma ba farin ƙirji irin namu, baƙi ne ƙirin. Can ƙarshe kuma sai jini ya fara malalowa, ni daga nan nake rufe ido.” Hular ma da ƙyar ta tuna ta.

Allahu akbar! Kyankyaso, baƙin hankaka, jini. Yaya bai taɓa ambaton ko ɗaya ba a shekara talatin, saboda shi rawar ce ta tafi da hankalinsa, ita kuwa abin da ya ba ta tsoro ta riƙe. Da na faɗa masa sai ya dafe kai ya ce tabbas akwai su. Kuma waɗannan su ne alamomi masu tsada. Farin ɗaki yana cikin bidiyo ɗari, baƙar hula tana kan mawaƙa dubu. Amma darakta nawa ne zai saki kyankyaso a tsakiyar waƙa? In ana cigiyar akuya, ba a cewa mai ƙafa huɗu, tsagar kunnenta ake faɗa.

Kafin in taɓa waya, sai da na kafa wa abin iyaka ta lokaci, kuma kaset ɗin ne ya yi mini wannan aiki. Waƙar tana bayan wasan Atlanta, don haka ba a ɗauke ta kafin Agustan 1996 ba. Kaset ɗin ya ɓace kafin tsakiyar 1998, don haka bidiyon ba zai wuce wannan shekara ba. Zai iya girme wa 1996, tunda tashoshi kan maimaita tsofaffin waƙoƙi, amma ba zai zama ƙanen 1998 ba. Wannan iyaka ta kore mini mutum biyu nan take. Ɗana ya kawo Pharrell Williams saboda ƙatuwar hularsa, amma hular nan ruwan ƙasa ce, kuma a bikin kyautar Grammy na 2014 ta yi suna. Wani abokina ya kawo ƙungiyar OK Go, masu rawa a kan injinan gudu na motsa jiki, amma nasu na 2006 ne, su huɗu ne, kuma injinan a fili suke kowa na gani.

Wanda ya ɗan tsayar da ni shi ne Lionel Richie, da bidiyonsa na “Dancing on the Ceiling” na 1986. Shekarar ta shiga cikin iyaka, kuma nan ma ɗaki ne da ya saɓa wa hankali. Na bi shi a tsanake. Shi bango yake hawa, ya taka rufin ɗaki kansa a ƙasa, ɗakin kuma cike yake da 'yan biki. Yaya ya ce nasa bai taɓa barin ƙasa ba. Na soke sunan, amma na tsinci wani abu a wurin wanda ban san zai yi mini amfani ba sai daga baya. Daraktan wannan bidiyo, Stanley Donen, ɗakin ya sa aka riƙa juyawa dungurungum tare da kyamarar da aka ɗaure a jikinsa, dabarar da ya riga ya yi da Fred Astaire a wani fim tun 1951. Mai kallo yana ganin ɗaki a tsaye, mutum yana hawa bango, alhali ɗakin ne ke juyawa.

Saura nema. Da Hausa ba zai yiwu ba, domin na'urar bincike ba ta kallon bidiyo a madadinka, kalmomin da wasu mutane suka rubuta game da shi take lalubowa, kuma waɗanda suka yi rubutu kan wannan waƙa da Turanci suka yi. Na cire sunan kowane mawaƙi, na cire Amurka, na cire launin rigar tunda tsohon kaset yakan cinye launi. Na bar zamani, da hula, da ƙasa mai gudu, da kujera, da abubuwa biyu na Anti:

```
90s music video man big black hat moving floor sofa crow cockroach
```

Na danna. Suna ɗaya ne ya cika allon daga sama har ƙasa: Jamiroquai, waƙar “Virtual Insanity”. Na buɗe bidiyon hannuna na rawa, ga takardata a gefe ina bin ta layi-layi. Ga ɗakin, fari da toka-toka, ba taga. Ga siririn mutum da doguwar baƙar hula mai gashi-gashi. Ga baƙaƙen kujerun kushin suna yawo. Ga shi ya tsaya cak ya taho sululu, daidai yadda Yaya ya gwada a falo. Ga hankaka baƙi ƙirin, ga kyankyaso, ga jini can wajen ƙarshe. Waƙar ta fito a Agustan 1996, watan da aka buga wasan Atlanta, a cikin kundin Travelling Without Moving. Na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki ina ta salati.

Abin da bai dace da takardar ba ma ya koya mini darasi. Rigar ba baƙa ba ce, rigar sanyi ce shuɗiya mai duhu, kaset ne ya ƙone launinta. Mutumin ba Ba'amurke ba ne, Baturen Ingila ne. Ba shi kaɗai ne a bidiyon ba, akwai wurin da aka hasko wasu mutane a wani siririn lungu, amma su biyun duk sun manta da su. Sannan wani tarko da na kusa faɗawa: Jamiroquai ba sunan mai hular ba ne. Sunan ƙungiyar makaɗa ce da aka kafa a Landan a 1992, shi kuwa mai hular, wanda shi ne mai rera waƙar, ana kiran sa Jay Kay. Wannan mataki na ƙarshe bai kamata a tsallake shi ba, kuma mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Hausa mun fi kowa sanin dalili. Sau nawa jarumi ke rawa yana motsa baki, alhali muryar ta wani ce can a situdiyo? Bayanin sutura da rawa fuskar da ke allo yake kai ka. Sai ka ƙara taki ɗaya ka tabbatar ko mai fuskar shi ne mai muryar. A wannan karon an yi dace, mutum ɗaya ne.

Na ɗauka na gama. Ashe babban abin yana gaba. Ina karanta yadda aka shirya bidiyon, sai na ci karo da bayanin daraktansa, Jonathan Glazer, mutumin da fim ɗinsa The Zone of Interest ya ci kyautar Oscar a 2024. Ƙasan ɗakin nan ba ta taɓa motsawa ba! Ko taƙi ɗaya ba ta gusa ba. Bangon ɗakin ne aka gina a kan tayoyi, aka ɗaure kyamara a jikinsa, ma'aikata suna tura shi gaba da baya, hagu da dama, a kan wani daɓe mai santsi, launin toka, wanda ba shi da layi ko tabon da ido zai kama. Tunda kyamara da bango tare suke tafiya, ido sai ya yanke cewa bango a tsaye yake, duk abin da bai bi shi ba kuma shi ne ke tafiya. Dabarar Stanley Donen ce aka kwantar da ita a ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama a mota a tasha, motar kusa da shi ta fara ja gaba, ya ji kamar tasu ce ke komawa baya, ya san wannan ruɗin.

Ku duba yadda abin ya kife. Kujerar da ake gani a tsaye wuri ɗaya, ita ce aka ɗaure a jikin bango, ita ce ke tafiya. Kujerar da ake gani tana nufo shi kuwa, ita ce aka kwance aka bari a ƙasa, tana nan daram inda take. Na mayar da bidiyon baya na sake kallo, wannan karon ban kalli mutumin ba, bango na zuba wa ido. Akwai wuraren da za ka ga ya ɗan girgiza kaɗan in an tura shi. Na kuma lura kyamarar takan sunkuya ta kalli ƙasa ko ta ɗaga ta kalli rufi na 'yan daƙiƙoƙi, kuma a nan aka ɓoye mahaɗar ɗauka, shi ya sa bidiyon mai kusan minti huɗu yake kama da an ɗauke shi a zama ɗaya. Ba banza ba ya kwashi kyauta huɗu a bikin tashar MTV na 1997, har da ta bidiyon shekara.

Sai na koma kan takardata na ga na yi kuskure tun farko. “Ƙasa tana gudu” na rubuta ta a gefen abin da ido ya gani, alhali ita ma hukuncin zuciya ce, 'yar'uwar “Ba'amurke ne”. Amma me ya sa wancan kuskure ya ɓatar da ni shekaru, wannan kuwa ya kai ni har ƙofar gida? Saboda zancen Michael Jackson ruɗin Yaya ne shi kaɗai, babu wanda ya rubuta shi a ko'ina. Gudun ƙasa kuwa ruɗi ne da darakta ya shirya wa duniya baki ɗaya, kowa haka ya gani, kowa haka ya rubuta, kalmomin suna nan birjik suna jiran mai nema. Don haka in ana neman mawaƙi da bayanin bidiyo, abin da za a tambaya game da kowace alama shi ne: shin baƙon da bai san mu ba, in ya kalla, haka zai faɗa? In haka zai faɗa, a saka ta a nema ko da ba gaskiya ba ce. In kuwa sai wanda ke cikin kan mai ba da labari ne zai faɗe ta, a ajiye ta gefe.

Ban iya barci ba. Ana idar da sallar asuba na doshi gidan Yaya, na same shi a kan dadduma, na miƙa masa wayar ban ce uffan ba. Kiɗan fiyano na farawa ya ɗago ya kalle ni, ya mayar da kai. Bai yi magana ba har aka wuce wurin da kaset ɗinmu ke yankewa, ya ga ƙarshen da bai taɓa gani ba. Sai ya ce a hankali, “Ikon Allah. Shi ne.”

Na ce, “Yaya, akwai saura. Ƙasar nan ba ta tafiya, bangon ne ake turawa.” Ya ce ba zai yiwu ba. Na mayar masa da shi daidai wurin da mai hular ya haɗe ƙafafu ya taho sululu, na ce ya kalli gefen bango. Ya kalla sau uku. Sannan ya ajiye wayar a kan dadduma, ya miƙe, ya haɗe ƙafafunsa kamar yadda ya yi a falo ranar sallah, ya buɗe hannuwa.

“Ke nan,” in ji shi, “da na ce maka a tsaye yake cak, da gaske a tsaye yake.”

Na ce, “Da gaske, Yaya. Abin da idonka ya gani, tun ranar farko daidai ka gan shi.”